Takardar tanda mai shafi 90: yadda za ka mayar da ita shafi ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina da ƙaramin kamfani a nan Daura, kujeru da kayan ofis nake kai wa makarantu. Karo na farko ke nan da na sayi takardar tanda, wato ta shiga takarar neman kwangila, ta kai shafi 90, duk Turancin lauyoyi, kuma saura mako uku a rufe. Ta yaya zan tsamo abin da ya shafe ni, wato ko na cancanta, da ranaku, da takardun da zan haɗa, da yadda ake ba da maki?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa albarka a nema.

Kada ka fara daga shafi na 1 kana bi layi layi. Na daɗe ina zama a kwamitin tantance tanda kafin in bar aiki, kuma na san cewa kwamiti ba ya auna ɗan kwangila da shafi 90. Takarda ɗaya ce a gabanmu mai layuka, muna ɗaga kayan mutum muna cewa akwai, babu, akwai, babu. Aikinka shi ne ka sake gina wannan takardar tun kafin kwamitin ya zauna, ka auna kanka da ita a shagonka. Taƙaitawar da ba ta kai ka nan ba, gajarta labari ce kawai.

Kuma abubuwa huɗun da ka lissafa ba nauyinsu ɗaya ba. Cancanta ƙofa ce, ko ka shiga ko ka tsaya a waje. Ranaku ma haka, wanda ya makara da minti biyar daidai yake da wanda bai zo ba. Takardun haɗawa su ne shaidar cewa ka cancanta. Maki kuwa ba ya zuwa sai ga wanda ya wuce waɗannan ukun. Sau da yawa na ga mutum ya kwana uku yana gyara farashi, alhali ambulan ɗin farashinsa ba za a ma buɗe shi ba, domin an cire shi tun a zaman farko. Saboda haka da wannan jerin za ka yi aikin.

Da farko ka gane wa ke saye. Idan hukumar ta tarayya ce, irin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan Daura, ko jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma, ko asibitin koyarwa na tarayya a Katsina, to dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ce ke aiki, kuma hukumar BPP ta Abuja ce ke sa ido. Idan ma'aikatar jiha ce, jihar Katsina tana da tata doka da tata hukumar, kuma galibi za a nemi rajistarka ta 'yan kwangilar jiha. Idan kuwa kuɗin Bankin Duniya ne, ko wata ƙungiyar agaji ce ke saye, ƙa'idar mai kuɗin ake bi. Ka rubuta wannan a saman shafinka, tare da lambar tandar da lambar kason da kake nema, wanda suke kira lot. Kada ka ɗauki jerin takardun da wani abokinka ya yi amfani da shi bara a wata ma'aikata ka ce ai duk ɗaya ne.

Sai ka buɗe shafin abin da ke ciki. Mafi yawan shafukan nan rubutu ne da ake kwafowa daga takarda zuwa takarda ba a canza harafi. Abin da aka rubuta musamman don wannan sayen bai cika wuce shafi 15 ba, kuma a wuri huɗu yake. Akwai tallar kanta. Akwai sashen da ke cike guraben umarnin gama-gari, wanda za ka ga an sa masa suna `Special Instructions to Tenderers` ko `Bid Data Sheet`. Akwai jadawalin kayan da ake so da siffarsu. Sai sashen tantancewa da fama-faman da za ka cike a ƙarshe. Wannan sashe na biyu shi ne zuciyar takardar. Umarnin gama-gari zai ce a kawo tanda kafin lokacin da aka faɗa, shi kuwa zai ce ƙarfe 12 na rana, ranar kaza, ɗaki kaza. Inda suka saɓa, takardar da kanta kan faɗi cewa na musamman ne ke rinjaye. Da shi za ka fara, ka karanta shi sau biyu.

Idan kana da takardar a kwamfuta, danna `Ctrl+F` ka nemi waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya: `shall`, `must`, `not later than`, `rejected`, `disqualified`, `original`. Duk inda suka fito a sassan nan huɗu, akwai wani abu da zai iya fitar da kai. Idan a buge take, biro mai launi ya isa.

Ga tsarin shafin. Ka ja layi huɗu a tsaye: abin da aka ce, shafin da aka faɗa, takardar da za ta shaida, da halin da kake ciki yau. A layin farko ka kwafi kalmomin takardar yadda suke, kada ka fassara su da fahimtarka. Dalili kuwa, a wajen taƙaitawa ne sharaɗi ke sauya kama. Takarda ta ce ayyuka biyu makamantan wannan cikin shekara biyar da suka wuce, mai taƙaitawa ya rubuta “ƙwarewa”, shi ke nan adadin ya ɓace, shekarun sun ɓace, kalmar makamantan ta ɓace. Lambar shafi kuma ita ce za ta cece ka ranar da kai da akantanka kuka yi gardama kan abin da aka ce.

Bari in ɗauki wata takarda da na taƙaita wa wani mai shagon kafinta a Katsina, mu bi ta tare. Wata makarantar tarayya ce ke neman kujeru, an raba aikin kaso-kaso. Shi idonsa yana kan kaso na 3, mafi girma. A ƙarƙashin cancanta takardar ta ce a kawo shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka wuce, kuma matsakaicin cinikin shekara kada ya gaza naira miliyan 30. Muka ɗauko satifiket ɗinsa na haraji. Cinikin da ke rubuce a kai miliyan 18 ne, da miliyan 27, da miliyan 36. Jimla 81, a raba uku, 27. Ya ce mini ai cinikinsa na gaskiya ya fi haka nesa, ga littafin shago. Na ce masa kwamiti ba ya ganin littafin shago, abin da ka faɗa wa hukumar haraji shi ne cinikinka. Kaso na 3 ya fita daga lissafi cikin minti goma. Amma kaso na 5, bencin ɗalibai 300 mai haɗe da tebur, miliyan 15 kawai aka nema a kansa. Nan muka mayar da ƙarfinmu.

Ka ga amfanin farawa da cancanta. Da bai yi wannan lissafin ba, da ya kashe kuɗin banki da na akanta da na ɗinkin takardu a kan kason da ba shi da rabo a ciki. Ka kuma duba ko an iyakance yawan kason da kamfani ɗaya zai nema. Tallace-tallace da yawa suna cewa kada a wuce biyu, wanda ya wuce kuma a cire shi daga duka.

Sauran sharuɗɗan cancanta na tarayya kusan sanannu ne: rajistar kamfani ta CAC da takardun da ke nuna daraktoci da masu hannun jari, shaidar haraji, satifiket na PenCom na fansho, na ITF na asusun horar da ma'aikata, na NSITF na inshorar ma'aikata, da shaidar rajista a rumbun 'yan kwangila na BPP, sai takardar rantsuwar kotu da asusun kamfani da akanta ya tantance. Abin da ya fi jerin muhimmanci shi ne tambaya uku da za ka yi wa kowace takarda. Ta wace shekara ce? Sunan wa ke kai? Ta shafe ni?

Shekara, domin waɗannan satifiket galibi suna ƙarewa ne ranar 31 ga Disamba, kuma na bara ba ya aiki bana ko da yana nan fes a cikin fayil. Suna, domin nan ƙananan 'yan kasuwa suka fi faɗuwa. Mutum ya fara da rajistar sunan kasuwanci, daga baya ya buɗe kamfani, sai ka ga satifiket na CAC da sunan kamfani, shaidar haraji da sunansa na kansa daga hukumar harajin jiha, takardun tsofaffin ayyuka kuma da tsohon suna. A wurinsa duk shi ne. A wurin kwamiti mutum uku ne daban. Harajin kamfani na tarayya ne, na mai sunan kasuwanci kuwa na jiha, don haka ka tabbata wanda ke hannunka ya dace da sunan da ke neman aikin. Tambaya ta uku kuma, wasu takardun suna rubuta cewa satifiket na PenCom ya shafi mai ma'aikata 15 zuwa sama ne kawai, wasu kuma ba sa faɗin komai. Idan an rubuta sassaucin kuma ya shafe ka, ka kwafi jimlar da lambar shafinta, ka sa wasiƙa a gurbin satifiket ɗin kana nuna ta. Idan ba a rubuta ba, kada ka yanke wa kanka hukunci. Ka tambaya a rubuce, ko ka nemo satifiket ɗin.

Takardar rantsuwa ma ba ta gama-gari ba ce. Takardar tanda tana faɗin abin da za ka rantse a kai, misali cewa babu wani jami'in hukumar ko na BPP da ke darakta ko mai hannun jari a kamfaninka, cewa kamfanin bai karye ba, cewa ba a taɓa yanke wa wani darakta hukunci kan zamba ba, da cewa duk abin da ka gabatar gaskiya ne. Ka kwafi jimlolin nan duka ka kai kotu. Wadda ka yi watanni baya don wata ma'aikata ba za ta yi ba.

Yanzu ranaku. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya rubuta ranar rufewa ita kaɗai, alhali ranaku biyar ko shida ne a ciki, kuma wasu ba a rubuta su da lamba ba, sai ka lissafa. A takardar kafintan nan, rufewa ranar Talata ce 24 ga Yuni, ƙarfe 12 na rana, a buɗe nan take. Muka zauna ranar 3 ga wata, wato mako uku, kamar kai. Takardar ta ce mai neman ƙarin bayani ya rubuto aƙalla kwana 14 kafin rufewa. Wannan ya zama 10 ga Yuni. Ka ga ranar farko da ta matsa mana ba 24 ba ce, mako ɗaya kacal ne a gabanmu. Kuma muna da tambaya ta gaske, domin jadawalin kaya ya ce ƙafafun benci na ƙarfe, zanen da aka haɗa kuma ya nuna katako. Tsakanin biyun akwai bambancin farashi mai yawa. Muka rubuta, muka kai, aka buga mana hatimin karɓa a kwafinmu. Amsa ta fito ga duk masu nema cewa ƙarfe ne.

Wannan amsar, da duk wani gyara da hukuma ta fitar bayan talla, sun zama ɓangaren takardar. Gyara yana iya ɗaga ranar rufewa, ya canza adadin kaya, ko ya ƙara wata takarda. Don haka ka bar gurbi a ƙasan shafinka ka rubuta ranar da ka duba na ƙarshe, ka kuma tabbata ka bar lambar waya da imel mai aiki lokacin da ka sayi takardar. Abin da wani ma'aikaci ya faɗa maka da baki a baranda kada ya shiga shafinka, ko da ɗan unguwarku ne.

Ranar da ta fi wahalar lissafi ita ce ta lamunin banki, wato takardar da banki ke bayarwa ya tsaya maka cewa ba za ka janye tandarka ba. Takardar ta ce farashinka zai tsaya ba canji har kwana 90 daga ranar rufewa, lamunin banki kuma ya zarce hakan da kwana 28. Daga 24 ga Yuni, kwana 90 ya kai 22 ga Satumba. Ƙara 28, ya zama 20 ga Oktoba. Wannan kwanan watan ne za ka rubuta a shafinka, ka kuma nuna wa jami'in banki da yatsa. Banki yakan rubuta kwana 90 daga ranar da ya fitar da takardar, sai ta ƙare kafin lokacin da aka nema, kwamiti kuma ya ajiye tandarka gefe. Na sha ganin wannan, kuma yana ba ni takaici, domin mutumin ya biya kuɗi, ya yi komai, kuskuren rubutun wani ne ya kayar da shi.

Adadin lamunin ma lissafi ne. Dokar 2007 ta ce kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari na farashin tanda, kuma takardarmu kashi 2 ɗin ta nema. Kafinta ya sa benci ɗaya naira 70,000, sau 300, miliyan 21. Harajin kayan masarufi na kashi 7.5 ya ƙara 1,575,000, jimla 22,575,000. Kashi 2 na jimlar shi ne 451,500. Shi ya lissafa a kan miliyan 21, ya samu 420,000. Giɓin 31,500 ne kawai, amma lamunin da bai cika ba daidai yake da babu. A kan jimlar da za ka rubuta a fam ɗin tanda ake lissafawa, kuma gara ya ɗan haura da ya gaza. Wannan yana nufin dole ka tsayar da farashinka da wuri, tunda banki ba zai rubuta ba sai ya san adadi. A ƙananan tanda da yawa ba a ma neman lamunin banki, sai wata takardar alkawari da za ka sa wa hannu. Ka duba wanne aka ce a taka.

Daga nan sai ka ƙirga baya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Manajan reshe ba shi kaɗai ke amincewa da lamuni ba, sai an tura hedikwata, kuma ƙaramin kamfani sau da yawa sai ya ajiye kuɗin a asusu tukuna. Mun ba banki kwana goma na aiki, muka lura ranar 12 ga Yuni hutun Ranar Dimokuraɗiyya ne, don haka muka kai buƙatarmu da wuri. Satifiket na PenCom yana buƙatar shaidar zuba fansho da inshorar rai ta ma'aikata, ba abin kwana biyu ba ne. Shaidar haraji kuwa, idan akwai shekarar da ba ka shigar da bayanai ba, ka fara da ita gobe da safe. Wasiƙar banki ita akasin haka ce, domin akan ce kada ta wuce wata ɗaya da fitowa, don haka tsohuwa ba ta da amfani. A shafinka, kusa da kowace takarda, ka rubuta ranar da za ka nema da ranar da dole ta kasance a hannunka. Mu ranar Juma'a 20 ga wata muka sa a matsayin ranar rufewarmu, muka kai ranar Litinin. Kai ma, idan a Katsina za a kai, kada ka taso daga Daura da safiyar ranar rufewa kana dogaro da hanyar Mashi. Ka kai kwana ɗaya kafin, ka sa hannu a rajistar karɓa, ka ga an jefa ambulan ɗinka a akwati, sannan ka dawo ranar buɗewa ka zauna ka saurara.

Takardun haɗawa ba sai na daɗe a kansu ba, tunda layi na uku na shafinka ya riga ya fitar da mafi yawansu. Abin da zan ƙara shi ne yadda ake so a shirya su, domin shi ma sharaɗi ne. Ka rubuta kwafi nawa, wanne ne na asali, ko ana son kwafi a filashi, ko za a sa hannu a kowane shafi, da wanda aka yarda ya sa hannun. Idan tsarin ambulan biyu ne, na takardun ƙwarewa daban, na farashi daban, a saka su cikin babba ɗaya. Farashi ya ɓulla a cikin na farko, ko da a kan wasiƙar gabatarwa ne, yana iya jawo a cire ka. Ka kwafi rubutun da aka ce a yi a bayan ambulan harafi da harafi. Fam ɗin tanda, wanda a ciki kake cewa na yarda zan kawo kaya kaza a kan kuɗi kaza, shi ne takarda mafi muhimmanci a cikin tarin, kuma wanda ba a sa wa hannu ba ba ya gyaruwa bayan buɗewa. Rasit ɗin kuɗin sayen takardar, idan an biya, shi ma ya shiga. Ka jera komai bisa jerin da tallar ta bi, ka sa lambar shafi da jadawali a gaba. Mai tantancewa yana da tanda talatin a gabansa, kuma abin da bai gani ba zai rubuta babu.

Sai maki. Abu na farko da za ka gano shi ne ko akwai maki ma. A sayen kaya, ƙa'idar dokar tarayya ita ce a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi bayan tantancewa. Wani lokaci duk matakin ƙwarewa ci ko faɗuwa ne, babu lamba ko ɗaya. Wani lokaci akwai maki da makin wucewa, amma da zarar ka wuce, makin ya gama aikinsa, farashi ne zai raba gardama. Tsari na uku, wanda aka fi gani a aikin masu ba da shawara, shi ne a haɗa makin ƙwarewa da na farashi, misali 70 da 30. A nan mafi arha ne ke samun 30 cif, sauran kuma a lissafa musu haka:

```
maki = (farashi mafi ƙanƙanta ÷ farashinka) × 30
```

Idan mafi arha ya sa miliyan 20 kai ka sa 25, makinka 24. Layi ɗaya a shafinka ya faɗi wanne ne cikin ukun, domin shi zai nuna maka inda za ka sa ƙarfi.

Takardar kafinta ta tsari na biyu ce, makin wucewa 70 cikin 100. Ayyukan baya 30, goma ga kowane aiki har uku. Ƙarfin kuɗi 20. Ma'aikata da kayan aiki 20. Dacewa da siffar kaya 20. Tsarin kai kaya 10. Ka lura da wani abu a nan: a cancanta ayyuka biyu aka nema, a maki kuma ana ƙirga har uku. Biyu suna shigar da kai, na ukun yana ƙara maka goma. Shi ya sa ba a cakuɗa sassan biyu a taƙaitawa.

Na sa shi ya ba kansa maki da rowa, a kan abin da ke cikin fayil a ranar, ba abin da ya san yana da shi ba. Ayyuka ya ce ya yi fiye da goma, amma biyu ne kawai ke da wasiƙar ba da aiki tare da shaidar kammalawa. Wasiƙar ba da aiki ita kaɗai tana nuna an ba ka ne, ba ta nuna ka gama ba. Maki 20. Wasiƙar bankinsa ta ce shi abokin hulɗa ne nagari, ba ta ce banki a shirye yake ya ba shi rance don wannan aikin ba, alhali abin da aka nema ke nan. Muka sa 15. Ma'aikata ya rubuta sunaye babu takardun shaidar sana'a, injuna kuma babu rasit, 10. Siffar kaya 15, domin ya rubuta “kamar yadda aka nema” maimakon ya faɗi kaurin katako da girman ƙarfe da tsawon benci. Tsarin kai kaya 5, bai raba shi mako-mako ba. Jimla 65. Da ya kai a haka, da ambulan ɗin farashinsa ya dawo masa a rufe.

Da lissafin ya fito fili, gyaran bai yi wuya ba. Ya koma wata makaranta da ya kai wa kujeru shekara biyu baya, ya karɓo shaidar kammalawa daga ofishin sito, goma ta shigo. Ya kai wa banki jimlar da ke cikin takardar tanda suka sake wasiƙa, biyar. Ya yi tebur na siffar kaya, abin da aka nema a hagu, abin da zai kawo a dama da awo, wata biyar. Ya tashi daga 65 zuwa 85 ba tare da ya taɓa sashen ma'aikata ba, wanda shi ne mafi cin lokaci. Tunda a wannan tsarin mai 85 da mai 98 ɗaya suke bayan wucewa, sauran kwanakin a kan farashin ƙarfe da katako da kuɗin mota ya kashe su.

A sashen tantancewa akwai wasu layuka biyu ko uku da suka cancanci shiga shafinka, na gyaran lissafi. Ƙa'idar da aka saba ita ce, idan farashin guda ɗaya da jimla suka saɓa, na guda ɗaya ake ɗauka a gyara jimla, idan kuma lamba da kalmomi suka saɓa, kalmomi ake ɗauka. Da kafinta ya rubuta 70,000 sau 300 ya sa 20,100,000 bisa kuskure, kwamiti zai mayar da shi miliyan 21 ya auna shi da hakan. Wanda ya ƙi yarda da gyaran ana cire shi, yana kuma iya rasa lamuninsa. Ka duba kuma ko dole ne a sa farashi ga kowane abu a cikin kaso, domin barin layi ɗaya babu farashi yana iya ɓata kason duka.

Kafin ka rufe shafin, ka leƙa sharuɗɗan kwangila na musamman ka ɗauko abu uku: kwana nawa aka ba ka ka kai kaya, yaushe ake biya, da tarar jinkiri. Ba su cikin abin da ka tambaya, amma su ne ke faɗa maka ko za ka iya ɗaukar aikin idan ka ci. Wanda ya ci yakan kawo lamunin kammala aiki, wanda dokar tarayya ta ce ba ya gaza kashi 10 cikin ɗari na kuɗin kwangila, wato sama da miliyan biyu a aikin bencin nan, ga kuɗin kaya da zai fitar kafin a biya shi. Ka kuma rubuta wa'adin ƙorafi. A dokar 2007, wanda yake ganin an zalunce shi yana da kwanakin aiki 15 daga ranar da ya sani ya rubuta wa shugaban hukumar, kafin ya wuce BPP.

Idan ka gama, ka ba wani mai karatu a gida ko a shago shafin tare da takardar. Ya bi lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar abin da ka kwafa yana nan, sannan ya karanta maka jerin da ƙarfi kai kuma kana ɗaga kowace takarda daga fayil, kuna duba suna da kwanan wata. Wadda hannunka bai ɗaga ba, a layi na huɗu ka rubuta babu, ka sa mata ranar da za ka je nemanta.